Darasi: Yadda Sashe a Jami'a Zai Rubuta Saƙon Taya Ɗalibansa Murnar Kammala Karatu

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro. Darasinmu na yau ya shafi saƙon da sashe a jami'a yake fitarwa domin taya ɗalibansa murna idan sun kammala digiri, kuma na shirya shi ne musamman saboda sakatarorin sassa, da jami'an jarrabawa, da matasan malamai waɗanda shugaban sashe yakan ɗora wa wannan aiki. A yankinmu muna da Jami'ar Tarayya da ke Dutse wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, kuma da yawa daga ɗalibansu 'ya'yan karkara ne waɗanda iyayensu ba za su ga allon sanarwa na sashe ba. Abin da zai isa gare su shi ne saƙon da ƙanen ɗalibi zai karanta wa mahaifinsu daga waya, a zaure, bayan sallar isha'i. Wannan dattijo zai ɗauki kowace kalma a matsayin maganar hukuma, don haka sai a rubuta saƙon da irin kulawar da ake rubuta takardar hukuma.

Mu fara da lokaci, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Ranar da ɗalibai suka rubuta jarrabawar ƙarshe, suka sanya fararen riguna abokansu suna rubutu a jiki, ba ita ce ranar kammala karatu a wurin jami'a ba. Bayan an duba takardun jarrabawa, sakamako yana zuwa gaban kwamitin malaman sashe, daga nan ya wuce kwamitin tsangaya, sannan ya isa majalisar malamai ta jami'a wadda shugaban jami'a yake jagoranta, kuma sai wannan majalisa ta amince ne mutum yake zama wanda ya cancanci digiri. A kowane mataki ana iya dawo da sakamako domin gyara. Ana iya gano cewa akwai kwas na aji biyu da ɗalibi bai ci ba kuma bai sake ɗauka ba, ko makin aikin bincikensa bai shiga ba, ko kuma akwai batun satar amsa da ba a yanke hukunci a kansa ba. Saboda haka sashe yana da saƙonni iri biyu. Idan an gama jarrabawa kawai, ana iya cewa sashe yana yi wa ɗaliban ajin ƙarshe barka da gama jarrabawa tare da fatan sakamako mai kyau, ba tare da suna ko ɗaya ba. Saƙon da yake ɗauke da sunaye da adadi kuwa, wajibi ne ya jira amincewar majalisa, ko da ɗalibai sun matsa, ko da wani sashen ya riga ya fitar da nasa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce Sashen Kimiyyar Amfanin Gona ne, inda ake shekara 5 kafin a sami digiri, kuma ɗalibai 62 ne suka shiga ajin ƙarshe. Majalisa ta amince da sakamakon 54, akwai 7 da suke da ragowar kwas, ɗaya kuma Allah Ya yi masa rasuwa kafin jarrabawa. Adadin da zai shiga saƙo shi ne 54, kuma daga takardar da majalisa ta amince da ita za a ɗauko shi, ba daga rajistar aji ba. Idan aka rubuta 62, duk wanda ya san ajin zai fahimci an haɗa da waɗanda ba su fita ba, kuma ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan zai iya nuna saƙon a gida a matsayin shaida, a yanka rago, a tara dangi, sannan bayan wasu watanni abokansa su tafi hidimar ƙasa shi yana komawa aji. Kunyar da za ta biyo baya, sashe yana da hannu a cikinta.

Haka batun daraja yake. A tsarin maki 5 da jami'o'inmu suke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50 zuwa 4.49, ƙaramar daraja ta biyu daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku kuma daga 1.50 zuwa 2.39. Ku lura cewa tsakanin 4.49 da 4.50 tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma ita ce take raba daraja ta ɗaya da ta biyu, kuma gyaran makin kwas ɗaya tak a kwamitin tsangaya zai iya sauko da ɗalibi ko ya ɗaga shi. Wanda aka yi gaggawar shelanta cewa ya fita da daraja ta ɗaya, sannan takardarsa ta fito da wani abu daban, an cuce shi a gaban jama'arsa. A misalinmu, a ce 2 sun sami daraja ta ɗaya, 19 babbar ta biyu, 26 ƙaramar ta biyu, 7 kuma ta uku. Ku tara ku gani ko ya ba da 54, domin wannan ɗan lissafi shi ne hanya mafi sauƙi ta gane cewa an tsallake wani. A ra'ayina, a ambaci sunayen mutum biyun nan da darajarsu idan sun yarda, amma sauran a jera su bisa tsarin haruffa ba tare da daraja ba. Saƙon taya murna ba takardar sakamako ba ne, kuma wanda ya fita da daraja ta uku yana noma da damina yana biyan kuɗin makaranta da kansa bai cancanci a sa sunansa a ƙarshen jeri kowa yana nunawa ba.

Yanzu sai sunaye, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Takardun jami'a sukan fara da sunan mahaifi ko na gari da manyan haruffa, sannan sunan ɗalibi ya biyo baya. Idan aka kwafo wannan tsari kai tsaye aka sa a saƙon Hausa, mai karantawa a ƙauye zai ji kamar mahaifin ake taya murna, ko kuma sunan ya fara da Ringim ko Gumel ko Kazaure, wanda ba haka ake kiran mutum ba. Sai a juya tsarin, sunan ɗalibi a farko, na mahaifi ya biyo, na gari a ƙarshe. Amma juya tsari kawai aka yarda, ba a yarda a canza harafi ba. Idan takardar jami'a ta rubuta suna da wata siga, to a bar shi haka, ko da mai rubutu yana ganin wata sigar ta fi daidai, domin wannan siga ce za ta fito a takardar shaida, ita ce kuma hukumar hidimar ƙasa za ta karɓa. Idan ɗalibi ya ga kuskure a sunansa a wannan mataki, alheri ne, sai a tura shi ofishin magatakarda ya nemi gyara tun kafin a buga takardar shaida. A aji mai mutum 54 da wuya a rasa biyu masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya, kuma abin da zai raba su shi ne suna na uku, ba lambar rajista ba. Lambar rajista, da lambar waya, da ranar haihuwa ba sa shiga irin wannan saƙo, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Hoto ma sai da izini, musamman na ɗalibai mata, waɗanda da yawansu matan aure ne, kuma wadda ta ce ba ta so a bar ta ba tare da tambayar dalili ba.

Shekara kuma a rubuta ta da sunan zangon karatu, kamar 2023/2024, ba shekarar da ake ciki ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki watanni 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya sa zangon karatu a jami'o'i da dama ya daina tafiya tare da kalanda.

Ga yadda saƙon misalinmu zai kasance, ku saurara da kyau. "Sashen Kimiyyar Amfanin Gona, a madadin shugaban sashe da dukkan malamai da ma'aikata, yana taya ɗalibansa 54 na zangon karatu na 2023/2024 murnar kammala digirin farko, bayan amincewar majalisar malamai ta jami'a. Mun ga yadda kuka yi shekarar aikin gona a fili, cikin rana da ruwan sama, kun shuka gero da gyaɗa kun auna amfaninsu da hannunku, kuma mun karanta binciken da kowannenku ya rubuta. Muna yaba wa wane da wance da suka fita da daraja ta ɗaya. Muna godiya ga iyaye da mazaje da 'yan'uwa da suka ɗauki nauyin wannan karatu. Muna roƙon Allah Ya jiƙan ɗan'uwanku wane da ya riga mu gidan gaskiya, Ya ba iyalansa haƙuri. 'Yan ajinku da suke da sauran aiki, ƙofar sashe a buɗe take gare su har su kammala. Allah Ya sanya albarka a ilimin da kuka samu." Daga nan sai jerin sunaye, sai sa hannun shugaban sashe da kwanan wata.

Jimlar da ta ambaci gero da gyaɗa ita ce ta sa saƙon ya zama na wannan sashe, domin Sashen Lissafi ba zai iya aronta ba, kuma ɗalibai za su gane cewa wanda ya rubuta ya san wahalar da suka sha. Sunan mamaci kuwa ba a sa shi sai an sanar da iyalansa, domin kada uwa ta ji sunan ɗanta ana karantawa cikin murnar wasu ba ta shirya ba. Waɗanda suke da ragowar kwas an ambace su a dunƙule, babu suna babu adadi. Ba a kuma yi alkawarin ranar bikin yaye ɗalibai ko ranar tafiya hidimar ƙasa ba, saboda sashe ba shi ne yake tsayar da su ba, kuma jami'o'i sukan haɗa zango biyu ko fiye a biki guda.

Kafin a fitar, mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta sunaye da ƙarfi daga takardar majalisa, ɗaya yana bin saƙon da alƙalami yana sa alama, sannan shugaban sashe ya duba ya sa hannu. Idan duk da haka aka gano an tsallake suna bayan saƙo ya fita, kada a musanya shi a ɓoye, domin na farkon ya riga ya shiga wayoyin mutane har ƙauyuka. A kira ɗalibin a ba shi haƙuri, a fitar da gyararren saƙo da sabon kwanan wata da jimla guda mai bayyana cewa ya maye gurbin na baya, a kuma tura masa shi da kansa domin ya nuna a gida.