Fodkas: Wa ke ɗauke da babbar lamba, ita ko shi?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, ga Anti Rabi, ga kuma Yaya Bashir ya shigo da biro da takarda kamar mai shirin jarrabawa.

Bashir: Ai ke kika ce lissafi za a yi. Ni kuwa in ban rubuta ba, ban yarda ba.

Zainab: To madalla. Batunmu shi ne abin da ake kira numaroloji, wato ɗaukar ranar haihuwa ko sunan mutum a mayar da shi lamba, a ce lambar tana bayyana halinsa. Ba duba muka zo yi wa kowa ba, mun zo ne mu buɗe cikin abin mu gani. Anti, ke kika daɗe kina karanta littattafansu. Mece ce babbar lamba?

Rabi: A wajensu kowa yana da lambar tafarkin rayuwa. Ana tara alƙaluman ranar haihuwa, a yi ta tarawa har a sauko lamba guda tsakanin 1 da 9. In kin sami 25, sai ki ce 2 da 5, ya ba ki 7. Amma akwai uku da ba a taɓa su: 11 da 22 da 33. In lissafi ya faɗa kan ɗayansu sai a tsaya cak. Su ne manyan lambobi, masu harkar na cewa masta namba.

Zainab: Me ya sa aka ware su?

Rabi: Sun ce kowace tana ɗauke da halin ƙaramar lambar da ke ƙarƙashinta, amma an ƙara mata wuta. 11 ai 2 ce, shi ya sa suke rubuta 11/2. Mai 2 an ce mutum ne mai son zaman lafiya da lallashi. Mai 11 kuwa wai yana gane abin da ke ran mutum tun bai faɗa ba, ga saurin jin zafi, ga fargaba, ga son kaɗaici. Mai 22 shi ne babban magini, kullum yana da wani gagarumin aiki a gaba. Mai 33 babban malami, mai ɗaukar nauyin kowa har ya manta da kansa.

Bashir: Duk kirari ne dai. Ban ji an ce wani babban malalaci ba.

Rabi: (dariya) Bari ka ji inda ciwon yake. Sukan ce babbar lamba kyauta ce mai tafe da kaya, kuma kayan nan kan abokin zama yake sauka. Wadda ta auri mai 22 ta shirya raba miji da aikinsa, kuma ta san zai so tsara mata komai. Wanda ya auri mai 11 ya riƙa auna maganarsa, don ko shirunsa sai ta fassara shi. In kuma biyu suka haɗu, 11 da 22, wai wutar ta yi wa gida yawa.

Zainab: To ga abin da ya sa muka ɗauko batun. Wata mai sauraronmu ta turo saƙo, ta ba mu izinin amfani da ranakun, ba za mu kama suna ba. An haife ta 18 ga Mayu 1995, mijinta 9 ga Yuli 1986. Ta ce wata ƙawarta ta lissafa mata ta ce 11 ce, kuma tun daga ranar duk saɓanin da suka yi sai ta ji laifinta ne, ita ce mai nauyin zama. Har ta fara haɗiye abin da ke damunta don kada ta gajiyar da shi. Yaya Bashir, bismillah.

Bashir: Hanyar farko, a jera alƙaluman duka a tara. Nata: 1+8+5+1+9+9+5, ya ba da 38. 3 da 8, 11. An tsaya. Ƙawarta ba ta yi kuskure ba.

Zainab: Mijin fa?

Bashir: 9+7+1+9+8+6, ya ba da 40. 4 da sifili, 4. Talakan lamba ne, bawan Allah.

Rabi: Yanzu yi ta ɗaya hanyar, wadda da yawa cikin marubutansu suke cewa ita ce daidai. Ka sauko da rana daban, wata daban, shekara daban, sannan ka haɗa.

Bashir: To. Ranarta 18, ya koma 9. Mayu wata na 5. Shekarar 1995 ta ba da 24, ya koma 6. 9+5+6, 20 ke nan. 2 da sifili... 2. Kai! Ina 11 ɗin ta shiga?

Rabi: Ci gaba dai, yi na maigidan.

Bashir: Rana 9, wata 7, shekarar 1986 ita ma 24 ce, ta koma 6. 9+7+6... 22. Ikon Allah. Babban magini ya bayyana.

Zainab: Tsaya, tsaya. Wato a lissafin farko ita ce mai babbar lamba, shi ba shi da komai. A na biyu shi ne mai ita, ita kuwa ta koma 2?

Rabi: Haka yake. Mutanen nan ba su sauya ba, ranakunsu ba su sauya ba, amma kayan ya tashi daga kanta ya koma kansa. Da ƙawar nan ɗaya hanyar ta bi, da yanzu saƙon da za mu karanta shi ne: mijina 22 ne, aiki ya cinye shi, an ce in yi haƙuri don haka aka halicce shi.

Zainab: Amma ta yaya lissafi ɗaya zai ba da amsa biyu? Ni a sanina ɗaya da ɗaya biyu ne.

Bashir: Lissafin bai yi ƙarya ba, wurin tsayawa ne ya bambanta. Duk lambar da kika tara alƙalumanta, ragowar da za ta bari in an raba ta da 9 ba ya canzawa. 38 a raba da 9, saura 2. 20, saura 2. 11 ma saura 2. To ko ta ina kika bi, ƙarshen tafiyarta 2 ne, nasa kuma 4. Ita babbar lambar zango ce kawai a kan hanya. Wata hanyar ta ratsa ta 11, wata ta ratsa ta 20. Wanda ya zaɓi hanyar shi ya zaɓa miki zangon.

Rabi: Kuma abin ya fi fitowa fili a 33. In ka bi hanyar saukar da kowane sashe daban, mafi yawan abin da za ka samu daga lambobi uku na yau da kullum shi ne 9+9+9, wato 27. Ba za ka kai 33 ba sai da 11 ko 22 a cikin sassan, kamar wanda aka haifa a Nuwamba ko ranar 22 ga wata. Shi ya sa suke cewa 33 tana da wuyar samu. Amma a hanyar jerawa, wanda aka haifa 5 ga Afrilu 1986 ma ya samu: 5 da 4 da 24.

Zainab: Anti, bari in tsaya wa masu abin kaɗan. Ita mai saƙon ta ce bayanin 11 ya yi daidai da ita ƙwarai. Tana da saurin damuwa, tana gane in ransa ya ɓaci. Wannan fa?

Bashir: Ƙanwata, wace matar aure ce ba ta gane in ran mijinta ya ɓaci? A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya ba kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Ya ce su auna dacewarsa daga sifili zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa.

Rabi: Gaskiya ne, amma ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tsarin ba ya barin ƙofar da za a ce ya yi kuskure. In mai 11 tana da natsuwa, sai su ce ai tana rayuwa ne a matsayin 2, ba ta farka ba tukuna, don wai manyan lambobi sai shekaru sun ja suke nuna kansu. In tana da fargaba, sai su ce ka gani, 11 ce ke aiki. In auren ya yi daɗi, sun iya riƙe wutar. In ya mutu, wutar ta fi ƙarfinsu.

Zainab: To ke nan matsin da ake faɗa babu shi?

Rabi: A'a, matsin akwai shi, na gan shi da idona. Sai dai daga sunan da aka laƙaba yake fitowa. Kuma kashi biyu ne. Wani mutum sunan kan danne shi, kamar 'yar'uwarmu, ya ɗauka shi ne matsalar gidan tun daga haihuwa, sai ya daina faɗin abin da yake da haƙƙin faɗa. Wani kuwa hawa kan sunan yake yi. Na san wani da ya gano wai shi 22 ne. Daga nan in matar ta ce ba ya zama a gida, sai ya ce ita ba za ta gane ba, an aiko shi da babban aiki. Ita lambarta 5, sai ta zama 'yar rakiya a aurenta.

Bashir: Kin ga kalmar babba ita ce dafin. In aka ce ɗaya 3 ne ɗaya 7, bambanci ne kawai. In aka ce ɗaya babba ne, to an riga an ce ɗayan ƙarami ne.

Zainab: Amma suna jingina abin ga Pythagoras fa, tsohon masanin lissafin Girka.

Rabi: Suna jinginawa. Shi ya rayu ne a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma babu rubutunsa ko ɗaya da ya iso gare mu. Mabiyansa sun ba lambobi ma'ana, wannan haka ne. Amma salon da ake yi yanzu ya yaɗu ne a Amurka a farkon shekarun 1900, ta hannun marubuta irin su L. Dow Balliett. Ita kanta kalandar da muka yi lissafin nan da ita, a 1582 aka fito da ita.

Bashir: In kuma muka ɗauki ranar haihuwarta da wata kalandar, wasu alƙaluma za mu tara gaba ɗaya.

Zainab: To me za mu ce wa mai saƙon?

Rabi: Ni dai tambaya zan yi mata. Kafin ƙawar nan ta yi lissafin, a kan me suke saɓani? In a kan dawowarsa da dare ne, har yanzu maganar dawowa da dare ce, kuma da shi za a yi ta. In kuma fargabar tana hana ta barci ko cin abinci, likita ya kamata ta gani, kada a ce mata alamar baiwa ce.

Zainab: Yaya Bashir, na ga kana ta rubutu a gefe. Naka kake lissafawa?

Bashir: Na yi ta hanya biyun. 8 a nan, 8 a can.

Rabi: Ko zango ɗaya ba ka ratsa ba?

Bashir: Ko ɗaya, Anti. Uwargida za ta nemi wani dalilin.

Zainab: (dariya) Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.