Ƙidayar Kaya a Ƙarshen Shekara da Yadda Take Sauya Riba

A ranar ƙarshe ta shekarar ciniki, wani saurayi da ke koyon kasuwanci a hannun wani dattijo ya kawo wa maigidansa littafin lissafi cikin murna. Ya ce, "Baba, na gama. Mun yi cinikin 1,200,000, mun saro kaya na 900,000, saboda haka ribarmu 300,000 ce."

Dattijon ya duba littafin, sannan ya tambaye shi, "Ɗana, ranar da muka buɗe shago a farkon shekara, babu komai a ciki ne?" Saurayin ya amsa cewa akwai kaya na 200,000 da suka rage daga bara. "To yau fa, mun sayar da duk abin da muka saro?" Nan ya yi shiru, domin kwalaye na nan jibge a bayansa.

Dattijon ya bayyana masa cewa abin da ake cirewa daga ciniki shi ne kuɗin kayan da suka fita daga shago, kuma ba a sanin wannan adadi sai an haɗa kayan farkon shekara da waɗanda aka saro, sannan a cire waɗanda suka rage. Kayan farko na 200,000 da sarin 900,000 sun zama 1,100,000. Littafi ya nuna saura kwali 175, kowanne an saro shi a kan 2,000, wato 350,000 ke nan. Idan aka cire, kayan da suka fita sun ci 750,000, riba kuma ta kama 450,000, kafin a fitar da kuɗin haya da albashi da sauran ɗawainiya.

Saurayin ya ɗauki biro zai rubuta, sai dattijon ya dakatar da shi. "Wannan faɗar littafi ce. Tashi mu ji ta bakin kayan."

Suka rufe ƙofa don kada wani abu ya shiga ko ya fita ana tsakiyar ƙidaya. Saurayin yana ƙirgawa yana yi wa kowane kwali alama da alli, dattijon yana rubutawa, suna ɗaga kowanne su ji nauyinsa, domin kwalin da aka buɗe aka ɗebi rabinsa yakan zauna a cikin jeri kamar cikakke. Da suka kai ƙarshe, 165 suka samu. Kwali 10 sun salwanta, ko ta hanyar sata, ko an ba mai saye ba a rubuta ba, ko kuwa tun ranar sauke kaya ba su cika ba. Ko ma wanne ne, 20,000 ta tafi.

A jerin ƙasa kuma, wajen bango, suka tarar da kwali 15 da danshi ya taɓa, gindinsu ya yi laushi, kayan ciki sun dafe. Saurayin ya ce ai suna nan, sai a rubuta su a kan kuɗin da aka saro su. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Wa zai ba ka 2,000 a kan wannan? In ka yi sa'a ka samu 800." Ƙa'idar masu lissafi ita ce a ƙiyasta kayan da suka rage da kuɗin sarinsu ko da abin da za a iya samu idan an sayar da su, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Shi ya sa lafiyayyun kwalaye ma ba a rubuta su da farashin sayarwa, tunda ribar da ke kansu ba ta shigo hannu ba tukuna.

Suka sake lissafi. Kwali 150 masu kyau sun kama 300,000, 15 da suka lalace sun kama 12,000, jimilla 312,000. Kuɗin kayan da suka fita ya tashi zuwa 788,000, riba ta sauko zuwa 412,000. Ciniki bai canza ba ko kaɗan, amma duk abin da ya ragu daga ƙimar kayan da ke shago ya ragu daga riba daidai wa daida, wato 38,000.

Saurayin ya tambaya, "Baba, da mun bar 350,000 ɗin a littafi, me zai faru?" Dattijon ya ce kayan ƙarshen bana su ne kayan farkon baɗi, saboda haka 38,000 da aka ƙara wa ribar bana za ta fita daga ribar baɗi ranar da aka yi ƙidayar gaskiya, sai shekara mai kyau ta zama kamar ta yi rauni. Abin da ya fi damunsa shi ne tsakanin shekarun biyu, lokacin da ɗan kasuwa zai raba riba da abokan haɗin gwiwarsa ko ya ɗebi na kashewa bisa adadin da babu shi, alhali uwar kuɗi yake ci bai sani ba.

Daga nan ya umarci saurayin ya rubuta 312,000 a shafin farko na sabon littafi, ya ware kwalayen nan 15 don a karya farashinsu tun da safe, sannan ya ɗauko takardun sauke kaya na shekarar su bi sawun kwali 10 da suka ɓata.