Aikin Nesa Daga Gombe: Karanta Tallar Kafin Ka Tura Takardunka

Assalamu alaikum 'yan uwa na Gombe, daga nan Jamus nake magana. Masu neman aikin nesa da yawa ana watsar da takardunsu ne tun kafin wani ya buɗe su, ba don rashin ƙwarewa ba, sai don ƙasar da suke zaune.

Idan ka ga an rubuta "Remote" kaɗai, kada ka yi saurin murna, gangara ƙasan tallar. "US only" ko "must be authorized to work in the US" na nufin ba da kai ake ba. Dalilin haraji ne da dokar ƙwadago: kamfanin da ba shi da rajista a Najeriya ba zai iya sa ka cikin jerin ma'aikatansa kai tsaye ba. Abin da kake nema shi ne "Worldwide" ko "EMEA", wanda ya haɗa da Afirka, musamman idan akwai kalmar "contractor", wato ɗan kwangila.

Sai lokaci, kuma nan ne ake yawan tafka kuskure. Agogonmu na Najeriya UTC+1 ne, wato awa 1 gaba da ma'aunin agogon duniya, ba ya motsawa duk shekara, amma na yawancin Amurka da Turai yana motsawa. A ce talla ta ce "4 hours overlap with PST", wato ku haɗu a bakin aiki na awa 4 da mutanen Kalifoniya. Ƙarfe 9 na safensu, a lokacin sanyi, ƙarfe 6 ne na yamma a Gombe, ka tashi daga aiki ƙarfe 10 na dare. Daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba kuwa, ƙarfe 5 zuwa 9 ne. Ka ga magariba da isha duk suna ciki, ga shi rana ta faɗi, batirin sola ne zai ɗauke ka in an ɗauke wuta. In suka ce cikakken yininsu suke so, za ka kai 2 na dare. Ni dai ban ba da shawarar hakan ba. Kamfanonin nan Jamus sun fi mana sauƙi, don da sanyi agogonmu ɗaya, da zafi sun riga mu da awa 1 kacal.

Maganar kuɗi kuwa, yi ta tun a hirar farko, kada kunya ta hana ka. Tambaye su ko suna biyan mazauna Najeriya ta Deel, ko Payoneer, ko SWIFT zuwa asusunka na dala. SWIFT na iya ɗaukar kwanaki, bankunan da ke tsakani kuma suna yankan nasu. Kamfanin Amurka zai ba ka fom ɗin W-8BEN, shaidar cewa kai ba ɗan ƙasarsu ba ne. Ka tabbatar sunanka iri ɗaya ne ko'ina: idan fasfo ya ce Muhammad, BVN ya ce Mohammed, tantancewa na iya tsayawa, kuɗinka su maƙale har sai ka je banki an gyara.