Sharhi: Cakulan, Lambar Nobel da Layin da Ke Ruɗin Ido

Jama'a masu sauraro, a shekarar 2012 wani likitan zuciya mai suna Franz Messerli ya wallafa wata gajeriyar maƙala a mujallar likitanci ta New England, ɗauke da wani zane da ya zaga duniya. Tunda ba ku ganinsa, bari in siffanta muku shi.

Ku ɗauka ga farar takarda a gabanku. Layin ƙasa, daga hagu zuwa dama, yana nuna kilo nawa na cakulan kowane mutum yake sha a shekara a ƙasarsu. Layin gefe, daga ƙasa zuwa sama, yana nuna mutum nawa suka ci lambar yabo ta Nobel cikin kowane mutum miliyan 10. Kowace ƙasa ɗigo ɗaya ce, ƙasashe 23 gaba ɗaya. Sin tana can ƙasa ta hagu, cakulan kaɗan, Nobel kaɗan. Suwizalan tana can sama ta dama, ta yi zarra a duka biyun. Sauran sun jeru a tsakani kamar masu hawan tudu. Idan aka ja layi madaidaici ta tsakiyarsu, wanda ya fi kusa da ɗigogin baki ɗaya, shi ne ake kira layin alƙibla.

Masana lissafi suna auna yadda ɗigogi suka manne wa irin wannan layi da wata lamba da ake rubutawa r. Idan ta kai 1, duk ɗigogin suna kan layi mai hawa. Idan sifili ce, babu wani layi madaidaici da suke bi. A nan 0.791 aka samu, kuma wannan alaƙa ce mai ƙarfi ƙwarai.

To sai mu ce shan cakulan ne ke kawo Nobel? Shi kansa marubucin ya faɗa a maƙalar cewa alaƙa ba ta tabbatar da sanadi. Amma zane ya fi rubutu saurin shiga kai, kuma abin da ke damuna ke nan.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya lura da shi: ɗigogin nan ƙasashe ne, ba mutane ba. A wannan binciken babu wanda ya auna abin da masu lambar Nobel suka ci. Yana iya yiwuwa masu shan cakulan daban, masu cin lambar daban.

Sannan akwai wanda ba a zana ba, wato arziki. Ƙasa mai wadata mutanenta suna da rarar kuɗin sayen kayan ƙwalama. Ita ce kuma ke da tsofaffin jami'o'i da ɗakunan gwaje-gwaje da kuɗin riƙe mai bincike shekara da shekaru. Arzikin yana ɗaga wannan, yana ɗaga wancan, sai su tashi tare alhali babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. A 2013 wasu masu bincike a Beljiyam suka maimaita lissafin, amma suka cire cakulan suka sa yawan shagunan kayan ɗaki na IKEA. Alaƙar da suka samu da Nobel ta kai 0.82, har ta ɗara ta cakulan. Babu mai hankalin da zai ce kujera da kabad ke ƙara basira.

Akwai wasu hanyoyi biyu da layi ke yaudara. Wani lokaci sanadin a juye yake, abin da aka ɗauka sakamako shi ne tushen. Wani lokaci kuma dace ne kawai, domin wanda ya gwada abubuwa 20 marasa dangantaka a ma'aunin da masu bincike suka saba amfani da shi wajen yanke cewa alaƙa ta gaske ce, ba abin mamaki ba ne ɗaya ya fito kamar gaske.

Yaya za a gane? Hanya mafi sauƙi ita ce a ware ƙasashen da arzikinsu ya yi kunnen doki, a sake jan layin a tsakaninsu kaɗai. Idan ya kwanta, to daman arziki ne ke ɗauke da shi. Wannan ma yana da iyaka, don abin da aka auna kaɗai ake iya warewa. Hanya mafi ƙarfi ita ce gwaji: a tara mutane, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu cakulan, a hana wasu, sannan a auna ƙwaƙwalwarsu. Ƙuri'ar ce ke sa masu kuɗi da talakawa, matasa da tsofaffi, su rarrabu kusan daidai a gidajen biyu, ta yadda duk wani bambanci babba da ya bayyana daga baya, wanda ya wuce na dace, za a iya jingina shi ga cakulan ɗin.