Da sunanki a takarda, amma kotu ta ce ba da ke aka yi ba

A ce wani dattijo ne mai shagon hatsi a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Ƙarfi ya ƙare, sai ya miƙa shagon ga ɗan ƙanensa. Suka rubuta takarda, suka sa hannu su biyu: yaron ya riƙe shago, in dattijo ya rasu kuma ya riƙa ba matarsa naira dubu 50 duk wata. Allah ya yi wa dattijo rasuwa. Yaro ya biya wata ɗaya, daga nan shiru.

Hajiya ta ɗauki takarda ta nufi Babbar Kotu, ga sunanta ɓaro-ɓaro a ciki. Lauyan yaron tambaya biyu kawai zai yi mata. "Hajiya, da ke aka ƙulla wannan yarjejeniya? Me kika bayar a madadin alƙawarin?" Ba da ita aka ƙulla ba, shagon kuma na mijinta ne. To nan ƙarar take rushewa.

Ƙa'idar ke nan da Najeriya ta gada daga dokar Ingila: yarjejeniya tsakanin waɗanda suka ƙulla ta take. Wanda ba ya ciki ba ya iya kai ƙara a kanta, ko da don amfaninsa aka yi ta. Dalili kuwa, doka ciniki take karewa, wato ka ba ni in ba ka, wanda bai sa komai ba kyauta yake jira. Ƙa'idar tana da amfani ta ɗaya gefen: mutum biyu ba za su zauna su ɗora maka bashi kana gida ba. A lura, a kotun shari'ar Musulunci fiƙihu ne ke aiki, wannan maganar daban ce.

Kusan irin wannan ta faru a Ingila, shari'ar Beswick ta 1967. Mai sayar da gawayin kwal ne ya bar wa ɗan ɗan'uwansa sana'a, da sharaɗin fam 5 duk mako ga matarsa in ya mutu. Da ya mutu, yaron ya daina biya. Kotu ba ta ba matar haƙƙi da sunan kanta ba. Amma da yake ita ce mai kula da gadon mamacin, ta tsaya a madadin mijinta, aka tilasta wa yaron ya biya. Ingila ta sassauta ƙa'idar da doka a 1999, sai dai wannan doka ba ta aiki a Bauchi.

Saboda haka idon Hajiya ya koma kan wanda ke riƙe da takardar kula da gado, domin shi ke da bakin ƙara. In wannan yaron ne da kansa, aiki ya ƙaru. Da tun farko lauya ya sa ta cikin masu yarjejeniyar a takarda mai hatimi, ko ya rubuta kuɗin a matsayin amana dominta, da ita da kanta za ta shigar da ƙara. Sa hannu a layin shaidu kam bai mai da ita ɗaya daga cikinsu ba.