Riƙon sirri da iyakarsa ga mai ba da shawara a garin da kowa ya san kowa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da yamma.

Yawancin littattafan da muka koyi aikin ba da shawara a cikinsu an rubuta su ne da tunanin babban birni, inda mutum zai shiga ofishinka ya faɗi damuwarsa ya fita, ba za ku sake haɗuwa ba sai ranar zama na gaba. Mu a Zariya ba haka muke aiki ba. Wanda ya yi kuka a gabanka da hantsi, da shi za ku tsaya sahu ɗaya a sallar Magariba. Matar da ta gaya maka abin da ke tsakaninta da mijinta, ƙawar ƙanwarka ce, kuma ranar Asabar za ku haɗu a gidan suna a Kwarbai. Saboda haka a wurinmu sirri yakan fita ba tare da mai shawara ya buɗe baki ba. Mai shagon da ke kallon ƙofar ofishinka ya ga wanda ya shiga. Yadda ka gaishe shi a bainar jama'a ya bambanta da yadda ka saba, wani ya lura. An tambaye ka game da shi ka yi jim, wannan jim ɗin ma amsa ce.

Zan bi misali guda daga farkonsa har ƙarshe. Na haɗa shi ne daga lamura da dama, na sauya sana'a da unguwa da shekaru, domin a wannan gari ɓoye suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. In ka ce "wani tela mai ɗingishi a Tudun Wada", ka riga ka ambaci sunansa.

Saurayi ne ɗan shekara 27, ya yi shekaru yana shan taramol, ya zo da kansa yana son ya daina. Kafin ya faɗi komai, akwai maganar da dole mai shawara ya yi masa a zaman farko, kuma ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Za ka ce masa: "Abin da ka gaya mini ba zai fita daga ɗakin nan ba, ko mahaifinka ne ya tambaya. Amma akwai wurare uku da ba zan iya yin shiru ba: idan na ga ranka yana cikin haɗari, idan na ga kana shirin cutar da wani, ko aka ce ana zaluntar ƙaramin yaro. Kuma idan kotu ta ba da umarni, dole in amsa. In ɗaya daga ciki ya taso, kai zan fara gaya wa kafin kowa." Sai ka ƙara tambayar da littattafan can ba su cika damuwa da ita ba: "In mun haɗu a masallaci ko a kasuwar Sabon Gari, yaya kake so mu yi? In gaishe ka, ko in jira ka fara?" Wasu ɗalibai suna tsoron wannan bayani zai sa mutum ya rufe bakinsa. Abin da na gani shi ne akasin haka. Mutumin da ya san inda iyakar take ya fi sakin jiki da wanda aka yi wa alkawarin "ba wanda zai taɓa ji", alkawarin da babu mai shawarar da zai iya cikawa.

Saurayin ya yi wata takwas bai taɓa ƙwaya ba, ya nemi aure, aka shiga bincike. Kawun yarinyar, dattijo ne kuma maƙwabcin mai shawarar, ya same shi a zaure bayan Isha'i. Ya ce: "Malam, ni da mahaifinka tare muka taso. An ce yaron nan yana zuwa wurinka. 'Yarmu za mu ba shi. Don Allah ka gaya mini tsakaninka da Allah, lafiyarsa ƙalau?"

Nan ne wurin da ya fi nauyi, kuma ina so mu daɗe a kansa, domin dattijon ba mai gulma ba ne. Haƙƙinsa yake nema, kuma addini ya ba shi hujja. Imam Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, kuma shawara kan wanda za a ƙulla aure da shi tana cikin abin da ya kawo a ƙarƙashin gargaɗi da nasiha. To amma a ɗaya ɓangaren akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa idan mutum ya faɗi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Bambancin da nake gani shi ne ta wace hanya ka san abin. Maƙwabcin da ya ga saurayi yana tangaɗi a bakin layi, idonsa ne ya gani, yana iya faɗa wa mai bincike. Kai kuwa ba gani ka yi ba, damƙa maka aka yi bisa sharaɗi, kuma ba don wannan sharaɗin ba da ba za ka taɓa sani ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na 1993 a Burunai, ta tsaya a kan cewa asali a sirrin da ma'aikacin lafiya ya samu ta hanyar aikinsa shi ne a ɓoye, ba a bayyana shi sai inda cutar ɓoyewa ta fi cutar bayyanawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ita ma ta hana fitar da bayanin majinyaci, ta ware 'yan wurare kamar rubutaccen izininsa, umarnin kotu, ko barazana babba ga lafiyar jama'a. Binciken aure ba ya cikinsu.

To me za ka ce wa dattijon? Amsa ɗaya ce, wadda ka saba ba kowa: "Baba, aikina ya hana ni in ce wane yana zuwa wurina ko ba ya zuwa. Da ɗanka aka tambaye ni a kai, haka zan amsa." Ku kula da kalmar "kowa". Idan jiya an tambaye ka game da wani ka ce "a'a, ban ma san shi ba", yau kuma ka ce "ba zan iya magana ba", to garin ya riga ya koyi karanta ka. Dole ka ƙi amsawa har game da wanda bai taɓa taka ƙofarka ba. Kuma kada ka yi ƙarya don kare saurayin, kada ka ce "yaron kirki ne, ba abin da ke damunsa". Wannan cin amanar yarinyar ne.

Yarinyar kuwa ba a yar da haƙƙinta ba. Washegari za ka kira saurayin ka gaya masa an zo bincike, ka gaya masa ainihin abin da ka faɗa. Sannan ka zauna da shi kan cewa ya fi masa alheri labarin ya fito daga bakinsa, domin a Zariya wani zai faɗa ko ba jima ko ba daɗe. In ya yarda ka yi magana a madadinsa, ya rubuta izini da ya fayyace wa za a gaya wa da abin da za a gaya masa: cewa yana zuwa, kuma ya yi wata takwas da dainawa. Abin da ya faɗa game da mahaifinsa ko basussukansa ba ya cikin izinin, ba ya fita.

A misalinmu, ya faɗa da bakinsa, dangin suka fasa, aka ba wani. Bayan mako biyu ya zo idonsa jajawur, ya ce: "Wallahi sai na ga bayan wanda ya kai gulmata." Yanzu mun iso iyaka, amma ba mu ƙetare ta ba tukuna. Bahaushe in ransa ya ɓaci yana faɗin irin wannan, kuma in za ka ruga wurin 'yan sanda duk lokacin da ka ji "sai na ga bayansa", ba wanda zai sake zuwa wurinka. Aikinka shi ne ka tambaya kai tsaye, ba kwana-kwana. Wa kake nufi? Me kake shirin yi masa? Da me? Yaushe? Ka taɓa yi wa wani rauni a baya? Ka koma shan ƙwaya? Fushin da ba shi da suna, ba makami, ba lokaci, a cikin ɗaki ake aikinsa: ka matso da zama na gaba kusa, ka nemi izininsa a sa wani babba da ya yarda da shi a cikin maganar. Amma idan ya ambaci mutum takamaimai, ya ce ya sayi wuƙa, ya san hanyar da yake bi bayan Isha'i, kuma ya koma taramol, to lamarin ya sauya.

Duk ɗalibin wannan fanni ya ji labarin Tarasoff. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ya gaya wa mai duba shi cewa zai kashe wata budurwa, ita ce Tarasoff ɗin. An sanar da 'yan sandan jami'ar, suka tsare shi na ɗan lokaci suka sake shi, ba wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta, kuma ya kashe ta. A 1976 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa mai duba mara lafiya yana da nauyin ɗaukar matakin kare wanda ake shirin cutarwa. Wannan hukunci ba ya ɗaure kotunan Najeriya, amma darasinsa ya shafe mu: an gaya wa wani, sai dai ba a bi har an tabbata wadda ke cikin haɗarin ta tsira ba.

Idan ka yanke cewa za ka yi magana, fara da shi kamar yadda ka yi alkawari, sai fa in gaya masa zai ƙara haɗarin a kanka ko a kan wanda yake hari. Ka ce: "Ka tuna abin da na faɗa ranar farko. Ba zan bar ka ka hallaka kanka da wani ba." Sau da yawa a nan mutum yake saukowa, ya yarda a kira yayansa a karɓe wuƙar, ya yarda a raka shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika a ranar. Sannan ka zaɓi wanda za ka gaya wa bisa tambaya guda: wa zai iya hana abin faruwa? Mai yiwuwa yayansa ne, da shi wanda ake hari, da 'yan sanda in haɗarin na kusa ne. Ka yi hattara da kai maganar inda za ta zama taro. In ta faɗa bakin matasan unguwa, wanda ka so karewa zai tsira, amma mai neman shawararka ne za a yi wa taron dangi, ka kawar da wata ɓarna da wata. Kuma abin da za ka faɗa kaɗan ne: "Wane yana cikin fushi mai tsanani, ya ambaci sunanka, ka kiyaye hanyarka, mun ɗauki mataki." Tarihin shan ƙwayarsa ba ya ƙara wa mutumin tsaro ko kaɗan, don haka ba ya cikin saƙon. A ranar ka rubuta kalmomin da ya faɗa, tambayoyin da ka yi, wanda ka sanar da dalilinka, ka kulle takardar inda magatakardan ofis ba zai gani ba, domin shi ma ɗan gari ne.

Wata ɗaliba ta miƙo takarda tana tambaya: "Malam, mai shawara shi kuma wa zai gaya wa, in abin ya yi masa nauyi? Ko matarsa?"

'Yata, ba matarsa ba, ba amininsa ba. Ba don ba su da amana ba ne, sai don su ma za su haɗu da mutumin a biki, fuskarsu kuma ba ta koyi ɓoyewa ba. Amma ba daidai ba ne ka yanke hukuncin fasa sirri kai kaɗai in akwai lokacin tuntuɓa. Ka samu babba a wannan aiki wanda ba ɗan garin ba, a Kano ko Kaduna ko Jos, ku yi yarjejeniya tun kafin buƙata ta taso cewa za ka iya kiransa ko da dare ne. Ka ba shi lamarin ba suna, ba unguwa, ba sana'a, kuma ta kiran murya, kada ka rubuta a saƙon waya da yaro zai iya buɗewa a gida. In kuma wanda ya zo maka ɗan'uwanka ne na jini ko surukinka, ko kana da hannu a auren da ake magana, tun zaman farko ka tura shi wurin wani abokin aiki, ka bayyana masa dalili, ka kuma tabbatar masa cewa ko zuwan da ya yi yau ba wanda zai ji.