Kwana uku sun ɓace a jadawalina, ga yadda na yi da giɓin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin ƙasar nan ne ya kama ni. Yau ba fita za mu yi ba, allon kwamfutata zan nuna muku, domin wani ɗan giɓi ya kusa sa ni in kai rahoton ƙarya a wurin aiki.

Akwai mitar ruwa a ginin da nake aiki, kullum tana aiko da adadin litocin da aka yi amfani da su. Na rage lambobin don mu iya lissafawa da ka. Ran 1 ga wata lita 100, ran 2 lita 104, ran 3 lita 98, ran 4 lita 102. Sai kawai ga ran 8 da 106, ran 9 da 110, ran 10 da 108. Ku duba da kyau: 5, 6 da 7 ba sa nan. Ba a bar musu gurbi ba, ba a rubuta komai ba, sahu na huɗu ya manne da na biyar kamar babu abin da ya faru. Irin wannan giɓin ya fi haɗari, saboda ido ba ya kama shi.

Ni kuma matsakaicin kwana bakwai nake so, wanda yake matsawa gaba kullum. Na ce wa kwamfuta `rolling(7)` a pandas, kayan aikin sarrafa jadawalin bayanai na Python, ta ba ni 104 a ran 10. Lamba mai kyau, ba ta da alamar laifi. Amma wannan umarnin sahu bakwai yake ƙirgawa, ba kwana bakwai ba. Sahu bakwai ɗin nan sun ɗebo tun daga ran 1 har ran 10, wato kwana goma aka cusa a rigar kwana bakwai. Layin alƙibla, mai nuna ko shan ruwan hawa yake ko sauka, shi ma haka ya cutu. Daga 100 zuwa 108, in ka ƙirga da sahu taku shida ne, sai ka ce ruwan yana ƙaruwa da lita 1.3 a rana. In ka ƙirga da kalanda kwana tara ne, ƙarin bai kai lita ɗaya ba, wajen 0.9. Hawan ya yi tsini fiye da yadda yake.

Don haka kafin a yi maganar cikewa, a fara buɗe giɓin, kowace rana ta samu sahunta ko da babu komai a ciki.

```python
s = s.asfreq("D")
babu = s.isna()
m = s.rolling("7D", min_periods=5).mean()
```

A nan `s` shi ne jerin litocin bisa kwanan wata. Layin farko ya dawo da 5, 6 da 7 da `NaN` a cikinsu, wato alamar babu lamba. Na biyu ya ajiye mini shaidar ranakun da babu su, tun kafin in taɓa komai. Na uku yana ƙirga kwanakin kalanda, kuma in ranakun da ke da lamba ba su kai biyar ba, ya ƙi ba da amsa. Biyar ɗin zaɓina ne, ba doka ba ce. A ran 10 ranaku huɗu kawai nake da su, sai ya bar wurin fayau. Ni na fi son hakan da ya ba ni lambar da ba ta da gindi.

To me za a zuba a gurbin? Wanda ya fi saurin zuwa hannu shi ne sifiri, kuma shi ne mafi muni. Daga ran 4 zuwa ran 10 abin da muke da shi 426 ne. Raba da huɗu, 106.5. Zuba sifiri uku ka raba da bakwai, sai ka faɗo wajen 61, zanen ya yi rami kamar an yanke wa ginin ruwa. Sifiri yana cewa an auna ba a samu komai ba. Mu kuwa ba a auna ba ne, ko an auna bai iso ba. Masu Excel ku lura: `AVERAGE` yana tsallake gurbin da babu komai, amma sifiri yana ƙirga shi.

Akwai maimaita lambar ƙarshe, 102 sau uku, sai a samu 104.6. Wannan ya dace da abin da yake zama yadda aka bar shi har sai an canza, kamar saitin na'ura. Ruwan da ake sha kullum ba haka yake ba. Akwai kuma ja layi miƙaƙƙe daga 102 zuwa 106, a samu 103, 104, 105, matsakaicin ya zama 105.4. Ba laifi ga giɓin kwana ɗaya ko biyu, amma ku sani ƙiyasi ne, kuma yana sa bayanai su yi lafiyar da ba su da ita, don hawa da saukar gaskiya sun goge.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. A ce ran 8 ba 106 ta nuna ba, 418 ta nuna. Wani zai ce bututu ya fashe. A'a, na'urar ce ta riƙe na kwana uku ta haɗa da na rana ta huɗu ta aiko a dunƙule. Alamarsa ita ce lambar da ke bayan giɓin ta kai ninki huɗu na abin da aka saba, daidai da kwana ukun da suka ɓace da ita kanta ranar. In kana da jimillar da ke fuskar mitar, cire ta ran 4 daga ta ran 8, za ka tabbatar. A nan dabarar rabawa da ranakun da ke da lamba kawai ita ce za ta kayar da kai: 102, 418, 110 da 108 sun ba da 738, ka raba da huɗu ka samu 184.5, ƙarya tsagwaronta. Raba da bakwai ne daidai, 105.4, tunda ruwan kwana bakwai ɗin duk yana ciki. Abin da nake yi shi ne in raba 418 gida huɗu, kowace rana daga 5 zuwa 8 ta ɗauki 104.5, in yi musu alama duka huɗun, har da ran 8, domin ita ma ba lambarta ta gaskiya ba ce. In kuwa na ja layi miƙaƙƙe daga 102 zuwa 418, na ƙirƙiro ruwan da ba a taɓa sha ba.

Shi ya sa nake fara tambayar dalilin giɓin. Ku kuma duba ko ranakun da ke ɓacewa iri ɗaya ne. In kullum Asabar da Lahadi ne, lokacin da ginin ba kowa, to matsakaicin ranakun da suka rage zai fi na gaskiya yawa, ko da lissafinka bai yi kuskure ba. Sai ka kira shi matsakaicin ranakun aiki.

A nawa, da na duba, 106 ɗin ta ran 8 ta rana ɗaya ce, na kwana ukun sun salwanta ke nan. Sai na bar layin ya yanke daga ran 4 zuwa ran 8, na haɗa su da ɗigo-ɗigo, na sa inuwa mai toka-toka a kan kwana ukun. A Excel, zaɓin yana cikin `Hidden and Empty Cells`, ku ɗauki `Gaps`, kada ku ɗauki `Zero`. A gefen kowane matsakaici kuma na rubuta yawan ranakun gaskiya da ke cikinsa. Ga na ran 10 nan: 4 cikin 7, babu lamba. Ran 12 ne za ta dawo, lokacin da ranakun gaskiya suka cika biyar. Bari in matso da allon ku gani.